Jadawali na Bakwai da Masu Gadin Nasarawa

A shekarar da nake rubuta kundin digirina na biyu na san titunan Nasarawa GRA da ƙafa fiye da yadda masu gidajen suka san su da mota. Lokacin adaidaita sahu ba ta daɗe da fitowa ba, hotunan 'yan takara kuma sun cika katangu, wani a kan wani, har maigadi ya gaji da ɓamɓarewa. Nakan sauka a bakin babban titi da safe, in ratsa ƙarƙashin itatuwan maina da mangwaro da jakata a kafaɗa, ina ƙirga ƙofofi.

Abin da nake bincike a kai shi ne inda ma'aikatan gidajen nan suke zuwa neman magani idan ba su da lafiya: masu gadi, direbobi, kukuna da masu kula da fulawa. Maza kaɗai na ɗauka, domin matan da ke aiki suna can cikin gida, kuma ba abin da zai kai baƙon saurayi wajensu.

Ni mutum ne mai jin nauyin magana. Tun ina firamare, in aka aike ni gidan maƙwabta sai na maimaita saƙon a raina sau uku kafin in yi sallama. Saboda haka takardar tambayoyi ta yi mini daidai. Komai a rubuce yake. In gaisa da mutum, in gaya masa ni ɗalibi ne, ba ma'aikacin haraji ba kuma ba yaron ɗan siyasa ba, in nemi yardarsa, sannan in karanta masa tambaya ɗaya bayan ɗaya ina sa alama a akwati. Yawancinsu ba sa karatun boko, don haka ni nake karantawa. Idona a kan takarda yake tun daga farko har ƙarshe, kuma ban taɓa ƙara kalma ɗaya a kan abin da na rubuta ba.

A wannan ɓangaren ba wanda zai ce na yi sakaci. Na jera titunan, na riƙa ɗaukar kowane gida na uku, in ba a buɗe mini ba in koma har sau uku kafin in haƙura. Kowace takarda da lambarta, ba suna. A wani littafi dabam, wanda ba ya barin ƙasan akwatina, na rubuta lamba da ƙofar duk wanda ya ce ya yarda in dawo masa idan buƙata ta taso. Mai duba aikina ce ta sa na yi hakan tun farko, ni kuwa na yi ne kawai don ta faɗa. Da na gama, takardun sun cika kwalin sabulu. Na shigar da su kwamfuta sau biyu, na gwada shigarwar farko da ta biyu, na gyara inda yatsana ya zame.

Jadawalai suka fito tsaf, sai guda ɗaya da ya ba ni mamaki, na bakwai. Na raba mutanen gida biyu: masu kwana a gidan da suke aiki, a ɗakin gadi ko a ɗakunan ma'aikata, da masu zuwa kullum daga Gawuna da Badawa da sauran unguwanni. Na yi zaton masu kwana a gidan Alhaji za su fi zuwa asibiti, tunda ga asibitoci kusa da su, ga maigida mai hali, wani ma likita ne. Sai na ga akasin haka. A rashin lafiyarsu ta ƙarshe, masu kwana a gidan sun fi kowa ƙarancin zuwa asibiti, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Ga shi kuma da na tambaye su ko maigida yana taimaka musu idan suna ciwo, kusan dukkansu sun ce e.

Na zauna na rubuta bayani shafi biyu. Na ce waɗannan mutanen ƙauye ne daga Jigawa da Katsina, sun saba da maganin gargajiya, ba su yarda da asibiti ba. Na kawo littattafai huɗu da suka faɗi makamancin haka a kan wasu mutanen dabam. Bayanin ya yi mini kyau ƙwarai.

Mai duba aikina farfesa ce, dattijuwa, kuma a Nasarawa take zaune, a wani tsohon gida mai faɗin baranda. Malama muke ce mata. Ranar Asabar da hantsi take ganin ɗalibanta a barandar nan, domin ta ce a ofis ba a barin ta ta gama jimla. Ba ta ɗaga murya. Tana karatu da fensir a hannu, kuma in ta ajiye fensirin ta cire tabarau, to ka gyara zama. Saura mako shida a rufe jerin waɗanda za su kare kundinsu a gaban mai jarrabawa na waje. Wanda bai samu sa hannun mai duba aikinsa ba kafin ranar, sai baɗi.

Ta wuce jadawali shida ba ta ce komai ba. A na bakwai ta cire tabarau.

"Wa ya gaya maka ba su yarda da asibiti ba?"

"Ranki ya daɗe, littattafai sun nuna..."

"Na ga littattafan. Ina tambayarka a cikin mutanenka. Wanne ne ya gaya maka?"

Ba ko ɗaya da ya gaya mini.

"Buɗe jadawali na biyu. Masu zuwa daga Gawuna, a ina aka haife su?"

Na duba. Mafi yawansu su ma a ƙauye aka haife su.

"Karatu fa?"

Babu wani bambanci na a zo a gani. Ta sa na duba shekaru. Masu kwana sun ɗan fi tsufa, amma da aka gwada tsoho da tsoho, matashi da matashi, tazarar tana nan.

"To, malam," in ji ta. Haka take kiran mu idan tana so ta tsokane mu. "Ƙauyen ɗaya ne, karatun ɗaya ne, wannan yana zuwa asibiti, wancan ba ya zuwa. Takardarka ta yi aikinta, ta nuna maka akwai wani abu, ta nuna maka girmansa. Dalilin ne ba ta da shi, don ba ka san shi ba lokacin da kake rubuta tambayoyin. Kai kuma sai ka aro dalili daga laburare ka liƙa."

Na ce zan iya cire shafukan biyu in bar jadawalin haka nan.

"Za ka iya. Amma tambayar bincikenka ta biyu cewa ta yi me ya sa. Kai ka rubuta ta da hannunka. Ba zan sa hannu a kan kundin da ya yi tambaya ya tsallake ta ba. Littafin nan na ƙofofi yana nan?"

"Yana nan."

"Ka koma ka yi hira da su."

Ba ƙurewar lokaci kaɗai ce ta dame ni ba. Hira tana nufin in zauna da mutum ba akwatin da zan sa alama, in dube shi, in san abin da zan ce bayan ya gama magana. Na nemi mafita. Na ce wani abokin karatunmu da ya ƙirga yawan masu sayen magani ba takardar likita, ai ita da kanta ta hana shi yin hira.

Ta yi dariya. "Shi tambayarsa nawa ne. Ya ƙirga, ya samu, ya gama. In ya ƙara hira, ado kawai zai yi wa kundin, ya ɓata wa mutane lokaci. Ni ba na haɗa hanya biyu don a ce an haɗa. Na sha ganin kundi, babi na huɗu alƙaluma, babi na biyar maganganun mutane, kowanne yana harkarsa kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa. Wannan aiki biyu ne rabi-rabi. Kai naka dabam ne. Alƙalumanka sun bar maka tambaya, kuma sun nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa."

Nan take ta sa muka zaɓi mutanen. Ba ƙuri'a muka jefa ba, jadawalin ne ya zaɓa mana. Mutum shida cikin masu kwana da ba su je asibiti ba, huɗu cikin masu zuwa kullum da suka je, sai biyu da suka saɓa wa tsarin, wato masu kwana a gidan amma sun je. Ta ce waɗannan biyun kada in raina su, domin wanda ya fita dabam yakan nuna maka abin da ya riƙe sauran. Ta ba ni aron ƙaramar rikodarta da kaset huɗu, ta ce in nemi izini kafin in kunna, wanda ya ƙi kuma in rubuta da hannu.

Hirata ta farko abin kunya ce. Na tafi da tambayoyi goma a rubuce, na karanta wa wani mai kula da fulawa su a jere, ya amsa da e da a'a da "sai godiya", muka gama cikin minti bakwai. Malama ta saurari kaset ɗin a baranda, kanta a sunkuye.

"Wannan takardar tambayoyi ce ka sake yi, ka cire akwatuna kawai," in ji ta. Ta mayar da kaset baya kaɗan. "Saurara nan. Ya ce, 'A lokacin dai ba hali.' Me ka ce masa?"

"Na wuce tambaya ta gaba."

"Ya buɗe maka ƙofa ka wuce ta. Ba halin me? Kada ka tambaye shi ra'ayinsa kan asibiti. Ce masa ya ba ka labarin ranar da ciwon ya kama shi, tun daga asuba. In ya yi shiru, kai ma ka yi. Kai da shiru ya fi maka sauƙi fiye da kowa a ajinku, ka yi amfani da abinka mana."

Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa shiruna yana da amfani. Na daɗe ina juya maganar a hanyar gida.

Ta kuma ce in nemi mu zauna nesa da gidan da mutum yake aiki, don ya sake. Da masu zuwa kullum wannan bai yi wuya ba. Wani direba ya ce in same shi wajen mai shayi a Badawa bayan la'asar. Ya ba ni labari tiryan-tiryan: in ya ji jikinsa ba daɗi, yakan biya asibitin unguwa da sassafe ya karɓi kati kafin ya zo aiki, ko ya tsaya kemis a hanyar komawa, in abin ya yi tsanani kuma ya aiko a ce ba zai zo ba. Amma masu kwana, duk wanda na ce mu haɗu a wani wuri sai ya ce in dai zo ƙofa. Na ɗauka suna guduna ne. Har na rubuta a littafina cewa masu kwana ba su da haɗin kai.

Na huɗu a cikinsu wani dattijo ne mai gadi, mutumin wajen Jigawa, a wani gida mai baƙar ƙofar ƙarfe. Na ce, "Baba, ko za mu ɗan taka zuwa inuwar masallacin can?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan makaranta, in na taka, wa zai riƙe min ƙofa?"

"Minti ashirin ne kawai."

"Minti ashirin. Hajiya ta dawo daga unguwa ta yi hon sau biyu ba a buɗe ba, kai za ka yi mata bayani? Zauna nan, bencin bai cizo."

Na zauna. Ya ƙi rikoda, ya ce muryarsa ba ta rediyo ba ce. Na ce ya ba ni labarin ciwonsa na ƙarshe. Ya ce zazzaɓi ne, da damina. Ya kwana biyu yana rawar ɗari a ɗakin gadi, direba ya gaya wa Hajiya, Hajiya ta aiko masa da ƙwayoyi a cikin leda da kunu mai zafi.

"Mutanen kirki ne," in ji shi. "Ba sa bari ka kwanta haka nan."

Ya yi shiru. Tambayata ta gaba tana bakina, na haɗiye ta. Mota ta wuce. Ya gyara hularsa.

"Zazzaɓin ya sauka, ya dawo. Sau uku."

"Ba ka je an duba ka ba, Baba?"

"Kai dai yaro ne. Asibiti wuni ne. Ka je da asuba, ka karɓi kati, ka bi layi, a ce ka je gwajin jini, ka dawo gobe. Wunin nan wani zai zauna a nan. Gidan nan kuwa ba su da wani, ni ne. In za ka tafi, kai za ka kawo mai riƙe maka. Haka ake yi. Ka aika gida a turo ɗan'uwanka ko ɗan ƙaninka."

"To ai sai a turo."

Ya yi murmushi. "A turo saurayi mai jini a jika, yana jin hon ya tashi da gudu, ya wanke wa Alhaji mota ba a sa shi ba. Kwana uku, ka dawo kana jan ƙafa. Alhaji ya dube ka ya dube shi. Ba zai kore ka ba, mutumin kirki ne. Cewa zai yi, Baba, jikin nan naka yana son hutu, ka je gida ka huta tukuna. Kai ka san ranar da hutun zai ƙare?"

Aka yi hon. Ya tashi ya buɗe, ya rufe, ya dawo.

"Sannan kuma," in ji shi, "Hajiya ta ba ka magani da hannunta. Washegari ka ce za ka asibiti. Me ka gaya mata ke nan? Nata bai yi ba?"

Na rubuta har yatsuna suka yi ciwo. A hanya na tsaya gindin wata bishiya na soke abin da na rubuta na rashin haɗin kai. Mutanen nan tun ranar farko suke gaya mini amsar, duk lokacin da suka ce in zo ƙofa.

Sauran hirarrakin suka bi wannan hanya, kowa da nasa salon. Kuku ya ce abinci sau uku ne a rana, ba ranar da ba a ci. Taimakon da suka ce e a kansa a takardata, ga yawancinsu magani ne daga kabad ɗin gida, ko a aika direba kemis. Ni kuwa da na rubuta tambayar, kai mutum asibiti nake nufi. Biyun da suka saɓa wa tsarin, ɗaya gidansu masu gadi biyu ne suna canji, ɗayan kuma yana da Lahadi da rabin Litinin nasa. Sai wani direba mai kwana a gida da ya ba ni labarin da ya tsaya mini a rai: a gidan da ya fara aiki ya yi jinyar mako biyu, ya dawo ya tarar da ƙanin matarsa, wanda shi ya kawo, riƙe da makullin motar. Har yau ba sa magana.

Cikin mako guda na rubuta sabon babi, kuma da zafi na rubuta shi. Na buɗe da labarin direban. Na ce a gidajen Nasarawa ana korar ma'aikaci idan ya yi rashin lafiya. Na ji kamar yanzu ne na gano gaskiya, alƙaluman da na sha wahala a kansu kuma suka zama mini abin banza. Saura kwana goma sha biyu.

Malama ta karanta. Ta cire tabarau.

"Wancan karon littattafai suka ɗauke ka, wannan karon direba. Mutum nawa ne a cikin goma sha biyun aka taɓa raba shi da aiki saboda ciwo?"

"Ɗaya."

"Nawa ne suka ce suna tsoro?"

"Duk masu kwanan, ban da mai canji."

"To abu biyu ne ke nan. Kuma ko da su duka aka kora, mutum goma sha biyu da ka zaɓa da gangan ba za su gaya maka yawan abu a unguwa ba. Wannan aikin kwalinka ne. Ba ka tambayi dalilin barin aikin baya ba?"

Na tambaya, tambaya ta goma sha tara. Na buɗe. Waɗanda suka ce rashin lafiya ce ta raba su da aikinsu na baya 'yan ƙalilan ne.

"Ka rubuta haka," in ji ta. "Tsoron ya yaɗu a cikin waɗanda ka yi hira da su, faruwar abin kuma kaɗan ce a cikin waɗanda ka ƙirga. Ka kuma faɗa cewa wanda aka sallama ya koma ƙauye ba zai shiga takardarka ba, tunda a ƙofofi ka samu mutanenka, don haka ƙila abin ya fi yadda ka gani. Duk ukun gaskiya ne, kada ka jefar da ko ɗaya don babin ya yi daɗin karatu."

Ban taɓa tunanin waɗanda suka riga suka tafi ba. Ita ce take rage mini zafin magana, ita ce kuma ta nuna mini inda alƙaluman nawa za su iya rage girman abin.

Sannan ta tambaye ni ko akwai wani abu a takardar da zai gwada maganar dattijon. Ban tambayi kowa ko yana da mai riƙe masa aiki ba, don ban san da zancen ba. Amma na tambayi ko mutum yana da ranar hutu a mako, tambayar da na sa don cike bayanin aiki kawai, ban taɓa haɗa ta da komai ba. Ranar Litinin na je ɗakin kwamfuta, na jira aka kawo wuta, na raba masu kwana gida biyu. Masu ranar hutu suna zuwa asibiti kusan kamar mutanen Gawuna da Badawa. Marasa hutu su ne suka ja jadawali na bakwai ƙasa. Na daɗe ina kallon allon. Amsar tana cikin kwalin tun watanni, sai da wani dattijo a kan benci ya gaya mini layin da zan duba.

Na kai mata. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta sa fensir a kan adadin.

"Masu hutun ba su da yawa, ka faɗi haka. Ka kuma faɗi cewa bayan hira ka yi wannan gwajin, ba tun farko ka tsara shi ba. Ka ce ya dace da abin da suka gaya maka. Kada ka ce ya tabbatar."

Ta sa na zana jadawali guda mai layi uku a tsaye: abin da takardar tambayoyi ta nuna, abin da hira ta nuna, da abin da zan iya faɗa idan na haɗa su. Inda suka dace in rubuta sun dace, inda suka saɓa in rubuta sun saɓa. A layin taimakon maigida na rubuta cewa tambayata ta haɗa abu biyu a kalma ɗaya, kuma mai bincike na gaba ya raba su: ba da magani dabam, ba da lokacin zuwa asibiti dabam.

Da ta zo kan wannan layin sai ta daɗe ba ta juya shafi ba. Daga barandar ana hango ƙofar gidanta da ɗakin gadi.

"Ni ma haka nake yi," in ji ta a hankali. "In aka ce mini maigadina ba shi da lafiya, sai in buɗe kabad. Shekara nawa ina koyar da wannan fanni, ban taɓa tambayar sa wa zai zauna masa ba."

Ta ci gaba da karatu, kuma ba ta sa na sassauta ko kalma ɗaya a layin ba, alhali maƙwabtanta da abokan aikinta ne masu gidajen da nake magana a kansu, ita ma tana ciki. Na ga malamai masu ilimi da yawa bayan nan, amma kaɗan na gani da sakamakon ɗalibi zai taɓa su su bar shi yadda yake.

Saura kwana biyu a rufe jerin na kai mata kundin gaba ɗaya, wannan karon a ofis. Ta duba babi na biyar, ta duba jadawalin mai layi uku, ta buɗe shafin sa hannu. Ta cire murfin biro, sai ta tsaya.

"Mai jarrabawar nan da zai zo mutumin alƙaluma ne. Zai ce maka, kana da kwali guda na takardu, me ya kai ka ɓata lokaci da hirar mutum goma sha biyu? Me za ka ce?"

Na ce, "Zan ce takardun sun nuna mini su waye ba sa zuwa da kuma yawansu, amma ba su san dalili ba. Hirar ta ba ni dalili, amma ba ta san yawa ba. Da na koma da dalilin cikin takardun, na same shi a can."

"In ya ce dattijon nan ƙorafi kawai yake yi fa?"

"Zan buɗe masa jadawalin ranar hutu."

"In ya ce masu hutun sun yi kaɗan?"

"Zan ce haka ne, na rubuta a shafin da ke biye."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ka ɗaga murya kaɗan ranar, dattijo ne, kunnensa ba kamar da ba."

Ta sa hannu a kofi uku na kundin, ta rubuta kwanan wata, ta miƙo mini. Na sauka ƙasa na kai wa sakataren sashe, na tsaya a gaban teburinsa har sai da na ga ya rubuta lambata a jerin.